Yuro 7,000 da kwana biyar: cinikin asusun wasa da kamfanin Blizzard ya rushe

A farkon watan Satumba na 2007 aka yi wani ciniki a Turai wanda har yau tsofaffin 'yan wasan gem suke ba da labarinsa. Wani ɗan wasan World of Warcraft ya sayar da asusunsa a kan Yuro 7,000, kimanin fam 5,000 na Ingila a lokacin. Mai saye ya biya, mai sayarwa ya miƙa masa asusun, ciniki ya faɗa. Bayan kwana biyar kamfanin Blizzard, mai wasan, ya rufe asusun.

Na zaɓi wannan lamari ne saboda babu ɗan damfara a cikinsa. Yawancin labaran sayen asusu da ake ji, ɗaya ne ya cuci ɗaya: an tura kuɗi an ga shiru, ko an ba da kalmar sirri ta bogi. Irin waɗannan sai mutum ya ce ai da an yi hankali da ba a faɗa ba. A nan kuwa kaya sun isa hannun mai saye, ya shiga, ya gani da idonsa, kuma duk da haka ya tashi a tutar babu. Ke nan matsalar ba ta tsaya ga halin mai sayarwa ba. Tana cikin cinikin kansa.

Abin da aka saya

World of Warcraft wasa ne na kwamfuta da dubban mutane ke shiga duniya ɗaya a lokaci guda. Ya fito a Amurka a 2004, ya iso Turai a farkon 2005, kuma a tsakiyar 2007 masu biyan kuɗin wata sun kai miliyan 9. Kowa yana da jaruminsa da yake rainonsa, yana ɗaga shi mataki-mataki, yana tara masa makamai da sulke. A Turai kuɗin wata bai kai Yuro 13 cif ba. In ka raba Yuro 7,000 da wannan, kuɗin da mutumin ya biya sun isa ya yi kusan shekara 45 yana wasan da asusu na kansa.

To me ya gani? Jarumin da ke cikin asusun sunansa Zeuzo, ya kai mataki na 70, wanda shi ne ƙololuwa a lokacin, kuma yana riƙe da wasu tagwayen takubba da ake kira Warglaives of Azzinoth. Ba a sayar da su a shagon wasan, ba a ƙera su. Hanya ɗaya ce: a kashe Illidan Stormrage, babban dodon da ke ƙarshen wani wuri da ake kira Black Temple. Wannan aiki na mutum 25 ne, waɗanda suka saba da juna, suka kwashe dare da yawa suna faɗuwa suna sake shiri. Tawaga ɗaya sau ɗaya take iya kashe shi a mako. In ya mutu ma, ba kullum yake sakin takobi ba, sai an yi sa'a, kuma na dama daban yake faɗowa, na hagu daban. In ɗaya ya faɗo, sai tawagar ta zauna ta yanke wanda za a ba cikin waɗanda suka cancanta.

A watan Yuni na 2007 aka fara kashe Illidan a duniya, tawagar Nihilum ta Turai ce ta yi. Daga Yuni zuwa farkon Satumba kimanin mako goma sha uku ne kawai. Wato a cikin mutum miliyan 9, waɗanda suka haɗa takubban nan biyu a lokacin ana iya ƙirga su da yatsu. Tsadar ke nan. Kuma abin da ya jawo tsadar shi ne ya hana cinikin ɓoyuwa.

A shekarar ce Blizzard ya buɗe wani shafi mai suna Armory, inda kowa zai rubuta sunan jarumi ya ga duk abin da yake sanye da shi, ko da ba ɗan wasa ba ne. Mai irin waɗannan takubba ba ya tafiya a ɓoye. Abokan tawagarsa sun san muryarsa, sun san yadda yake wasa, sun san lokutan da yake shiga. Ranar da wani ya hau kujerarsa, mutum 24 sun riga sun sani. Ga shi kuma labarin kuɗin ya bazu a shafukan wasanni har ya kai manyan kafofin labarai. Kamfanin ba ya buƙatar wani dogon bincike a kan abin da duniya take ta magana a kai, kuma da ya yi shiru, da ya sanar da kowa cewa dokarsa ta baki ce kawai.

Dokar da kowa ya danna bai karanta ba

Kafin mutum ya fara wasan sai ya amince da sharuɗɗan amfani. A cikin na Blizzard akwai magana biyu da suka kashe bakin mai sayen nan tun kafin ya buɗe shi. Ta farko, ɗan wasa ba shi da haƙƙin mallaka a kan asusun da yake amfani da shi. Asusun da jarumin da takobin duka na kamfanin ne, izinin amfani kawai aka ba shi. Ta biyu, kamfanin bai yarda da sauya hannun asusu ba, ko da sayarwa ne, ko kyauta, ko musaya, kuma duk wanda ya yi haka yarjejeniyarsa ba ta da wani tasiri a wurin kamfanin. Rangwamen da aka yi shi ne uba ko uwa su bar ɗansu ƙarami ya yi wasa da asusunsu.

Misalin abin shi ne ɗan haya ya sayar maka da mabuɗin ɗaki. Mabuɗin na gaske ne, yana buɗe ƙofa, kana iya shiga ka kwana. Amma sunanka ba ya cikin takardar maigida, kuma ranar da ya ji labari zai sauya kwaɗo, ba tare da ya ci maka ko kwabo ba, tunda ba shi ka ba kuɗi ba. Yuro 7,000 ɗin nan ba hannun Blizzard suka shiga ba, don haka ba shi da abin mayarwa. Wanda ya karɓi kuɗin kuma zai ce ai na ba ka abin da muka yi da kai.

Wannan ba tsohuwar doka ba ce da ta wuce da 2007. A farkon 2007 ɗin ma kasuwar eBay ta hana tallan asusun wasanni da kayan cikinsu, saboda rikicin wane ne mai su. Supercell na ƙasar Finland, mai Clash of Clans, ya rubuta ƙarara cewa saye da sayarwa da raba asusu duk laifi ne da kan kai ga rufewa ta dindindin. Epic Games, mai Fortnite, haka. A 2024 ma'aikatan Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, suka amsa wa wani cewa asusu ba ya sauya hannu ko da ta hanyar wasiyya ce, wato ko gado ba a ci. A ƙarshen 2024 kuma, bayan jihar California ta yi doka a kan haka, Steam ya fara rubuta wa mai saye a wurin biya cewa lasisi yake saya, ba kayan ba. Waɗanda suka yi karatun fikihu za su tuna babin sayar da abin da mutum bai mallaka ba. Hukuncin wannan na malamai ne, amma tambayar iri ɗaya ce da wadda lauyan kamfanin zai yi.

Ba na cikin masu cewa kamfanonin nan don Allah suke yi. Duk wanda ya sayi tsohon asusu cike da kaya, kwastoma ne da bai sayi kayan a shagonsu ba, kuma sun san da haka. Amma suna da hujjoji biyu da ba a iya turewa. Ɗaya, inda duk asusu yake da farashi a kasuwa, ɓarayi za su bi shi, kuma yawancin satar asusu don a sayar ake yin ta. Biyu, a wasan gasa matsayi alama ce ta iyawa. In sabon shiga ya sayi matsayin gwani, ya ɓata wa duk wanda aka haɗa shi da shi wasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda hukuncin yake sauka. Mai sayarwa, wanda ya fi kowa sanin dokar, ya riga ya tafi da kuɗinsa. Sandar a kan mai saye take faɗawa, wanda sau da yawa yaro ne da ya tara kuɗin da kyar.

Yadda cinikin yake a waya

World of Warcraft bai taɓa zama wasan unguwanninmu ba, amma cinikin ya iso mu ta waya. A rukunonin WhatsApp da Telegram da Facebook ana tallan asusun PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile da eFootball kamar yadda ake tallan waya ta hannu. Bari mu bi ɗaya daki-daki, domin a waya ƙofofin asara sun fi na 2007 yawa.

A ce wani ya ga tallan asusun PUBG Mobile: an ɗauki bidiyon kayan ciki, ga bindigar M416 mai ado irin na Glacier, ga riguna na tsofaffin kakannin wasa da ba a sake fitarwa, ga lambar Conqueror, matsayi mafi girma a wasan. An ce naira 150,000. Aka yi ciniki, aka sa dillali a tsakiya, kuɗi suka tafi wurin dillalin, aka turo wa mai saye imel da kalmar sirri. Ya shiga, komai yana nan. Ya ce wa dillali ya saki kuɗi. A wurinsa an gama. A gaskiya yanzu aka fara.

Asusun PUBG Mobile ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Ana ɗaure shi da hanyoyin shiga fiye da ɗaya: Facebook, ko X, ko Google, ko na Apple, ga kuma imel da lambar waya. Duk wanda ke riƙe da ɗaya daga cikinsu yana iya shiga. Mai sayen nan ɗaya aka ba shi. In ya duba wurin saitin asusu ya ga akwai wata a ɗaure, mai sayarwa zai ce kar ka damu, na riga na danna cirewa. To cirewar ba nan take take aiki ba, sai ta yi kwana bakwai tana jira, kuma in aka shiga wasan ta wannan hanyar kafin kwanakin su cika, cirewar ta rushe. An yi wannan tsari ne don kare mai asusu daga ɓarawo: in wani ya shiga ya danna cirewa, mai shi yana da mako guda ya dawo ya hana. Sai dai a wannan ciniki, wanda tsarin yake karewa shi ne mai sayarwa. Ya bari sai kwana na shida, ya shiga sau ɗaya, ƙofarsa ta dawo a buɗe, dillali kuma ya daɗe da sakin kuɗi.

A ce ma an cire komai, ƙofa ɗaya ta rage, kuma tana hannun mai saye. Ita kanta wannan ƙofar asusu ce ta wani kamfanin. In Facebook ce, shi ma ya hana sayar da asusu, kuma in ya ga an shiga daga sabuwar waya a wani gari yana iya kullewa ya ce a kawo katin shaida mai sunan da ke kai. Mai saye ba shi da shi. In Gmail ce, Google ya san tsohuwar wayar da aka daɗe ana shiga da ita da tsohuwar kalmar sirri, kuma da su ake neman dawo da asusu. Sauya kalmar sirri ba ya goge wannan tarihin.

Daga nan sai babbar ƙofa, wadda ba a ganinta a saiti: sashen taimakon 'yan wasa na kamfanin. Kowane kamfani yana da hanyar mayar wa mutum asusunsa in an sace. Tambayoyin da suke yi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yaushe ka buɗe asusun? Da wace irin waya? A wane gari kake wasa? Kawo rasit na kuɗin da ka taɓa kashewa, musamman na farko. A zamanin Zeuzo abin da ake nema shi ne sunan gaskiya da aka yi rajista da shi, da amsar tambayar sirri, da lambar da ke jikin kwalin faifan wasan, da hoton katin shaida. Yau rasit ɗin Google Play ne, mai lamba da ke farawa da GPA, wanda ke kwance a imel ɗin wanda ya biya. Duk waɗannan amsoshi suna wurin mutum ɗaya, wanda ya buɗe asusun. Ba ya buƙatar ya zama gwanin kutse. Bayan wata uku ko shekara, in ya ga dama, ko kuɗi suka yanke masa, ko ya yi kewar asusunsa, sai ya rubuta cewa an yi masa sata, ya amsa tambayoyi daidai, a miƙa masa. Wasu sai su sake sayar wa wani.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo shi ne mai saye ba shi da bakin kai ƙara. In ya rubuta wa kamfanin ya ce na saya da kuɗina, ga shaidar tura kuɗi, ga hirarmu, to ya rubuta takardar amsa laifi da hannunsa, kuma abin da zai biyo baya rufe asusun ne. In ya ce nawa ne tun asali, za a tambaye shi wayar da aka fara wasan da ita shekara biyar da suka wuce, ya yi shiru. Wani lokaci kuma kamfanin in ya ga mutum biyu suna jayayya a kan asusu ɗaya, kowa da tasa shaidar, sai ya kulle shi gaba ɗaya, kowa ya rasa.

Laifin da ake gada

Asusu yana tafiya da tarihinsa, kuma bidiyon talla ba ya nuna tarihi. Akwai abu uku da kan biyo mai saye bayan ciniki, ba tare da ya yi komai ba.

Na farko kuɗin da aka cika asusun da su. Kayan adon nan da UC ake samun su, kuɗin cikin PUBG Mobile, kamar yadda Free Fire ke da lu'ulu'u. Akwai masu tallan UC da araha ƙwarai, ƙasa da farashin kamfanin, kuma wani ɓangare na wannan araha daga katin banki na sata yake fitowa. Mai katin ba ya ganewa ran nan. Sai ya ga bayanin asusunsa na banki, ya kai ƙara, banki ya janye kuɗin daga hannun kamfanin, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Akwai kuma wanda zai saya da katinsa na halal, ya sayar da asusun, sannan ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Ko ta wace hanya, kamfanin asusun da aka zuba kuɗin a ciki yake kamawa. Wani kamfanin ya cire abin da aka saya har lissafi ya koma ƙasa da sifiri, sai ka biya bashin kafin ka sake sayen komai. 'Yan Clash of Clans sun san wannan sarai. Wani kuma ya rufe kawai. In mutum ya shiga asusun da ya saya ya ga adadin kuɗin wasa da alamar ragi a gabansa, wannan ne ya faru.

Na biyu maguɗi. Masu kama maguɗi ba kullum suke hukunci nan take ba. Tsarin VAC na kamfanin Valve da gangan yake jinkirta hukunci kwanaki ko makonni, don masu ƙera manhajar maguɗin kada su gane abin da ya tona su, kuma kamfanoni da yawa suna tara sunaye su rufe su rukuni guda. Wanda ya hau Conqueror da manhajar gani ta bayan bango ya fi kowa sanin cewa kwanan asusunsa ƙirgagge ne. Me zai yi? Ya sayar da sauri. Shi ya sa asusu mai babban matsayi, mai araha, wanda mai shi ke cewa yau-yau yake son kuɗi, ya fi kowane abin tsoro. Hukuncin da PUBG Mobile ya saba yankewa a kan maguɗi shekara 10 ne. Wasan kansa a 2018 ya fito, don haka wanda aka rufe wa asusu ko a makon farko har yanzu bai ga ƙarshen wa'adinsa ba.

Na uku, asusun na sata ne tun farko. Shafukan bogi masu alƙawarin UC kyauta aikinsu ke nan: yaro ya rubuta bayanan shigarsa, a kwashe, a kai kasuwa. Mai shi na gaskiya yana can yana cike takardar neman dawowa, kuma shi ne mai rasit.

Ko babu ɗaya daga cikin ukun nan, sauya hannun kansa yana barin sawu. Kamfanin yana ganin irin wayar da ake shiga da ita, da ƙasar da layin intanet ya fito, da hanyar biyan kuɗi. Asusun da ya shekara huɗu ana shiga da shi daga waya ɗaya a wata ƙasa, rana ɗaya ya bayyana a Kano ko Maraɗi a kan wata waya, aka sauya imel, aka sauya suna, aka cire abokai, duk a cikin awa guda, bai yi kama da mai tafiya ba. Ba kowane irin wannan ake rufewa ba, kuma shi ya sa kasuwar take ci: kowa ya san wani da ya saya ya zauna lafiya. Amma laifin ba ya tsufa. Ana iya waiwayarsa ranar da wani ya kai ƙara, ko ranar da mai saye ya manta kalmar sirri ya nemi taimako. Kuma kamar takubban Zeuzo, kayan da suka fi tsada su suka fi jan ido: lambar asusun ma tana cikin bidiyon tallan da aka watsa a rukuni goma.

Dillali fa? Dillali na gaskiya abu ɗaya yake iya lamuncewa, wato a daidai lokacin musaya kuɗi sun tafi kuma kalmar sirri ta yi aiki. Ba shi da iko a kan abin da mai asusu na farko zai yi bayan wata uku, balle kamfanin. Manyan kasuwannin intanet da ke wannan harka har garanti na 'yan kwanaki ko watanni suke sayarwa a kan ƙarin kuɗi, wanda ya nuna su ma sun san kayan suna komawa. Ban da dillalin da shi da mai sayarwa mutum ɗaya ne da layi biyu.

Mai sayarwa ma bai tsira ba

A lamarin 2007 mai sayarwa ne ya fita da riba, kuma wannan ne ya sa mutane ke ɗauka gefensa babu haɗari. A waya ba haka ba ne. Akwai alat na bogi, wanda duk mai sana'a a Najeriya ya san shi: saƙo ya shigo, ka miƙa asusu, ka duba banki babu komai. Akwai kuma abin da ake miƙawa tare da asusun. Wanda ya ba da Gmail ɗin da ya ɗaure wasan da shi ya ba da hotunansa da aka ajiye, da lambobin mutanensa, da wasiƙun bankinsa, wataƙila har da katin da ya bari a Google Play. Wanda ya ba da Facebook ɗinsa ya ba baƙo fuskarsa da sunansa, ya je ya roƙi 'yan'uwansa kuɗi da su. In kuma mai saye ya yi maguɗi aka kama, wasu kamfanonin ba asusu kaɗai suke rufewa ba, har na'urar da aka yi laifin da ita, kuma tarihin asusun yana ɗauke da sunan wanda ya buɗe shi. A dandali irin Steam ko Epic, inda wasanni da yawa suke zaune a asusu ɗaya, rufewar tana tafiya da dukansu.

Akwai wasannin da suka buɗe halastacciyar hanya, kuma duba ɗaya yana nuna abin da ya ɓace a sauran. A EVE Online, na wani kamfani da ke ƙasar Iceland, ana iya sayar da jarumi, amma da kuɗin cikin wasa, a dandalin kamfanin, a biya kamfanin kuɗin sauyawa, shi kuma ya ɗauke jarumin daga asusun wancan ya sa a na wannan. Asusun kansa ba ya motsi. Da yake kamfanin ne ya yi sauyin da hannunsa, mai sayarwa ba shi da hanyar dawowa ya ce an yi masa sata. Blizzard ma daga baya, a 2015, ya fito da WoW Token, wanda ke ba mutum damar sayen zinariyar wasa da kuɗi ta hannun kamfanin. Amma sayar da asusu har yau bai halatta shi ba.

Wanda ya riga ya saya

Babu wata dabara da za ta mayar da sayayyen asusu ya zama naka a idon kamfanin, kuma duk mai cewa zai yi maka wannan aiki kuɗi na biyu yake nema. Abin da ya rage shi ne rage asara. Kada a ƙara zuba kuɗi a ciki, domin kowace UC da aka saya ƙari ce ga abin da wani zai iya ɗauka ko a rufe da shi. Mutane da yawa abin da suka kashe bayan saye ya fi kuɗin sayen. A cire katin banki daga duk imel ɗin da wani ya taɓa riƙewa, kuma kada a yi amfani da wannan imel ɗin wajen banki ko wani abu mai muhimmanci. A buɗe saitin asusun a ga hanyoyin shiga nawa ne a ɗaure da kuma na wa. In ana cikin wasa aka fitar da mutum da saƙon cewa an shiga daga wata na'ura, ko ya tarar an taɓa kayansa, ko saƙon lambar tabbatarwa yana zuwa alhali bai nema ba, to akwai mai riƙe da wata ƙofar.

Sai a buɗe sabon asusu a gefe, da imel na kai da lambar waya ta kai, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a ajiye rasit na farko da ranar buɗewa da sunan wayar da aka buɗe da ita. Waɗannan su ne abubuwan da ma'aikacin kamfanin zai tambaya ranar da aka sami matsala.